Fuskar Aro: Me Ya Sa Take Zama Kamar Kakin Zuma?

Da yawa daga cikin manhajojin sauya fuska na kyauta sun dogara ne da wani inji mai suna inswapper_128, na InsightFace. Lambar da ke ƙarshen sunan ita ce tushen matsalar: ɗigo 128 a tsaye da 128 a kwance kaɗai yake iya zana fuska da su. To, a ce fuskar da ke cikin bidiyonka ta kai ɗigo 500. Sai manhaja ta ƙanƙance ta, ta sauya, sannan ta buɗa ta kusan ninki huɗu. A wannan kai-komo ne ƙofofin gashi da ƙananan kuraje da layukan gefen ido suke salwanta, fata ta fito sumul tana ƙyalli.

Maganin da aka fi garzayawa gare shi shi ne injin gyaran fuska, irin su GFPGAN na 2021 da CodeFormer na 2022, masu aiki a kan ɗigo 512. Sai dai ba sa maido da abin da ya ɓace. Ƙirƙira suke yi daga fuskokin da suka koya. Idan aka sakar musu mara, sai su goge tamojin dattijo, su jera masa haƙoran da ba nasa ba. A ganina, a nan aka fi ɓata aiki, da sunan gyara. CodeFormer na da ma'auni mai suna w, daga 0 zuwa 1: idan ya yi ƙasa hoto ya fi tsabta amma kamanni na kaucewa, idan ya yi sama kamanni na tsayawa. Fara da 0.7, sannan ka gauraya gyararriyar da wadda ba a gyara ba, rabi da rabi. Daga nan ka daidaita launin fuska da na wuya, ka yayyafa ɗan burɓushin nan da kyamara ke bari a hoto, don kada fuska ta fi sauran jiki santsi.

Mutuwar motsin fuska kuwa dalilinta daban. Daga hoton mai fuskar, lambobi 512 kawai ake ɗauka masu bayyana kamanni. Murmushi da harara na mutumin cikin bidiyo ne, kuma suna dusashewa wajen haɗawa. Tsayar da bidiyon a daidai lokacin dariya ko ƙiftawa ka duba: haƙora sun cakuɗe? Ido ya ƙi rufuwa sosai? Idan haka ne, ware cikin baki da idanu daga wurin da ake sauyawa, a bar na asali. Manhajar FaceFusion ma tana da sashen maido da motsi mai amfani da LivePortrait.

Duk wannan a kan fuskar da mai ita ya amince ake magana. Idan kuma mutum ya juya gefe sosai, ko hannu ya rufe rabin baki, gyaran baya bai cika ceto ba. Gara a sake ɗaukar wurin.