Gyara Iri Uku a Fassarar Sinanci

Mai fassara ya miƙa aikinsa ga abokin aiki, bayan kwana biyu takarda ta dawo ja wur da gyare-gyare, a gefe kuma an rubuta "wannan bai yi ba". Irin wannan bita ba ta da amfani, domin mai aikin bai san ko ma'ana ya ɓata ba, ko harshensa ne bai yi daɗi ba, ko kuwa abokin nasa ne kawai yake da kalmar da ya fi so. Ƙa'idar ISO 17100 ta shekarar 2015 ta wajabta wa kamfanonin fassara su sa mutum na biyu ya gwada fassara da matanin asali. Yadda mutumin zai faɗi abin da ya gani kuwa, wannan sai an koya.

Sinawa sun daɗe da rarrabe matsalolin. A 1898 Yan Fu ya fitar da fassararsa ta wani littafin Thomas Huxley, a gabatarwarsa kuma ya ce fassara na da wuya ta fuska uku: riƙe amanar ma'ana, isar da saƙo, da kyawun lafazi. Tsarin auna ingancin fassara na zamani da ake kira MQM ya yi kusa da haka. Cikin manyan rukunansa akwai daidaiton ma'ana, da zubin harshe, da keɓaɓɓun kalmomin fanni, sannan kowane kuskure ana ba shi nauyi: ƙarami, babba, ko mai haɗari.

A ɗauka wani ɗan kasuwa a Kano zai sayar da riɗi na dala miliyan 1.5 ga wani kamfani a Sin, aka fassara yarjejeniyar zuwa Sinanci. Sharaɗi ɗaya ya ce mai saye zai biya kashi 20 cikin ɗari a matsayin kafin alƙalami, wanda zai yi asararsa idan ya fasa, kuma shi ne zai duba kayan. Mai bita ya tsaya a wurare uku cikin wannan sharaɗi.

Na farko lissafi ne. Sinanci ba ya ƙirga manyan lambobi da dubu-dubu, da dubu goma-goma yake ƙirgawa, ana kiran wannan ma'auni "wan", ana rubuta shi 万. Miliyan 1.5 ke nan wan 150 ne, wato 150万. Mai fassarar ya rubuta 15万, dala dubu 150 kacal. Jimlar ta fita sumul, Basinen da ya karanta ba zai ji wani cikas ba, kuma nan haɗarin yake. Ba a kama kuskuren ma'ana da kunne, sai an ajiye matanin asali kusa da fassara ana bi jimla-jimla, ana sake lissafa kowace lamba da hannu. Bayanin mai bita bai buƙatar tsawo: ya nuna sharaɗin, ya ce kuskuren ma'ana ne mai haɗari, asali ya ce 1,500,000, fassara ta ce 150,000, a mayar da shi 150万. Babu abin gardama, domin matanin asali ne alƙali.

Wuri na biyu ya fi ɗaukar lokaci. Sinanci na da kalmomi biyu da ake furtawa iri ɗaya, "dingjin", amma harafinsu na farko ya bambanta: 定金 da 订金. A kasuwa mutane kan cakuɗa su, a kotu kuwa ba ɗaya ba ne. Dokar hulɗar jama'a ta Sin, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2021, ta ɗauki 定金 a matsayin jingina: idan wanda ya biya ne ya saɓa, kuɗinsa sun tafi, idan wanda ya karɓa ne ya saɓa, zai mayar ninki biyu, kuma adadin ba zai wuce kashi 20 cikin ɗari na kuɗin cinikin ba. Ita kuwa 订金 galibi biyan gaba ce kawai da ake mayarwa in ciniki ya watse. Mai fassarar ya yi amfani da 订金 a sharaɗin, sannan a wani shafi ya rubuta 定金.

Wannan matsalar keɓaɓɓiyar kalma ce, kuma hujjarta ba ta cikin matanin asali kaɗai. Tana cikin doka, ko cikin jerin kalmomin da mai aiki ya amince da su. Don haka mai bita ya kamata ya faɗi madogararsa, ya lissafa duk shafukan da kalmar ta fito, ya nemi a tsaya kan ɗaya. Akwai kuma abin da mai bita mai hankali zai ƙara. Tun da asali ya ce mai saye zai yi asarar kuɗin, 定金 ce ta dace, amma tana janyo wani nauyi: idan dokar Sin ce ke hukunta yarjejeniyar kuma ɗan kasuwar Kano ya kasa kai riɗin, kafin alƙalamin dala dubu 300 zai koma dubu 600. Wannan ba hukuncin masu fassara biyu ba ne, tambaya ce da za a tura wa mai yarjejeniyar ko lauyansa, kuma a rubuta ta a matsayin tambaya.

Sunayen wurare ma a wannan rukuni suke. A Beijing ana rubuta Najeriya 尼日利亚, a Taipei kuwa 奈及利亞. Dukansu daidai ne, sai dai a tambayi wa zai karanta.

Na uku shi ne zubin harshe. Don cewa mai saye ne zai duba kaya, mai fassarar ya rubuta 货物将被买方检验. Ma'ana ta fita, nahawu bai karye ba. Amma harafin 被, mai nuna an aikata wa abu wani aiki, a al'adar Sinanci ya fi zuwa da abin da ba a so, kamar a ce an doke shi ko an sace masa kaya. A takardun ciniki an fi cewa 货物由买方检验, inda 由 ke nuna wanda alhakin aikin ke kansa. Ana gano irin wannan ne ta hanyar rufe matanin asali a karanta Sinancin shi kaɗai, duk inda harshe ya yi tuntuɓe a sa alama. Ƙaramin gyara ne, kuma haka ya dace a rubuta shi. Idan aka jera shi kafaɗa da kafaɗa da kuskuren 15万 ba tare da nuna nauyi ba, mai fassara zai iya ɓata sa'a guda yana kare jimlarsa alhali dala miliyan 1.35 sun ɓace daga takarda. A nan kuma mai bitar da Sinanci ba harshen uwarsa ba ne gara ya sassauta murya, ya ce yana ganin kaza ya fi, ko ya nemi ɗan harshen ya saurara.

Bayan waɗannan ukun akwai tarin gyaran da ba kuskure ba ne, son rai ne. Brian Mossop, wanda littafinsa kan bitar fassara ya fito a 2001, ya yi ta jan kunnen masu bita kan canza abin da ba ya buƙatar canji. Gwajin mai sauƙi ne: idan mai bita ya kasa cewa gyaransa na ma'ana ne, ko na kalmar fanni, ko na zubin harshe, to ya bar jimlar yadda take, ko ya rubuta "shawara" a gefe, mai fassara ya ɗauka ko ya bari.

A yarjejeniyar riɗin, takardar bitar za ta koma da layi huɗu: lambar da dole a gyara, kalmar da za a daidaita a duk shafuka, tambaya ɗaya ga lauya kan ninki biyu, da jimla ɗaya da za a sauya mata 被 da 由. Mai fassara zai fara da lambar, ya jira amsar lauya kafin ya taɓa 定金.