Yadda ake tambayar kayan motar da ba a san sunansa ba

Masu shaguna a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna sun saba da wani irin saƙo a WhatsApp: hoto ɗaya mai duhu, ƙarfe baƙi ƙirin da mai a tafin hannu, a ƙasansa an rubuta "Akwai wannan?" Galibi mai shago yakan wuce shi. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai amsawa nan take da "akwai", domin kamanni ya gani ya yanke hukunci, alhali kayan mota da yawa kamarsu ɗaya amma ba sa hawa injin juna.

Mu ɗauki Toyota Corolla ƙirar 2005, mai injin da ake kira 1ZZ-FE. Mota tana karkarwa in ta tsaya, fitilar injin ta kunnu. Bakanike ya ciro wani ƙarfe mai tsawon ɗan yatsa daga saman injin, kusa da altaneta, ya ce a nemo irinsa, amma ya kasa faɗin sunansa. A nan aikin mai mota shi ne ya ba mai shago abin da zai gano kayan da kansa, ko da sunan bai fito ba.

Kafin a ɗauki hoto, a goge ƙarfen da tsumma da ɗan fetur, domin lambar da ke jikinsa tana ɓuya a ƙarƙashin baƙin mai. Wannan lamba ta fi komai daraja a cikin saƙon. Ta Toyota yawanci guda 10 ce, biyar kafin layi, biyar bayansa. A misalinmu ita ce 15330-22030, wato bawul ɗin da ke sarrafa man da ke juya kamshaf. Camry mai injin 2AZ-FE tana da irinsa, lambarsa ma da 15330 ta fara, amma ƙarshenta daban ne. Shi ya sa nake cewa a rubuta lambar da hannu a cikin saƙon, a kuma ɗauke ta a hoto, saboda 3 da 8 suna rikiɗa a ƙarfen da ya ci wuya.

A fito haske a ɗauki hoton ƙarfen gaba ɗaya, da tef ɗin awo a gefensa don a ga tsawo. A ɗauki bakin soket ɗin a miƙe yadda za a ƙirga fil-fil ɗin ciki. Sai kuma gurbin da aka ciro shi a jikin injin. Mutane sukan manta da wannan na ƙarshe, alhali tsohon ɗan kasuwa da gurbin kaɗai yakan gane kaya.

Ga yadda saƙon zai kasance:

"Assalamu alaikum Alhaji, barka da kasuwa. Ina neman kayan da ke cikin hotunan nan, ban san sunansa ba. Na Corolla 2005 ne, 'yar Amurka, injin 1ZZ-FE. An ciro shi daga saman injin kusa da altaneta. Soket ɗinsa fil biyu ne, noti ɗaya ke riƙe shi. Lambar jikinsa 15330-22030. Na haɗa da hoton lambar shasi. Akwai shi a shago yanzu? Sabo ne ko Tokumbo, kuma nawa? Don Allah a turo min hoton wanda ke hannunku da lambarsa a fili. In bai hau ba, za a canza min?"

Lambar shasi tana da haruffa da lambobi 17, ana ganinta ta gilashin gaba a ɓangaren direba. A motocin Amurka, na goma a jerin shi ne shekara, 5 na nufin 2005. Tana da amfani domin shekarar da dillali ya faɗa lokacin sayen mota ba kullum take daidai ba. Sai dai in an taɓa sauya wa motar inji, a faɗa, don shasin ba zai nuna hakan ba.

Kalmar "yanzu" a cikin saƙon da gangan aka sa ta. "Akwai" a bakin ɗan kasuwa kan iya nufin zai aika yaro shagon maƙwabci, ko zai sa a turo daga Ladipo a Legas. Hoton kayan a hannunsa ne ke raba gardama, kuma kada a tura kuɗi kafin lambobin biyu su yi daidai.

Abin da hoto ba zai nuna ba shi ne ko ƙarfen ne ya lalace da gaske. A wannan injin akwai ɗan ƙaramin rariya kusa da bawul ɗin, wanda dattin mai ke toshewa har mota ta nuna alamu iri ɗaya. A sa bakanike ya ciro shi ya wanke, ya duba wayar soket, kafin a tura saƙon.