Layi ɗaya, ma'ana biyu: yadda ake karanta jadawalin ribar bashin gwamnati

A watan Satumban 2022, ribar da masu saka jari ke nema a kan bashin gwamnatin Amurka tana ta hawa, darajar dala kuma tana binta sama. A cikin watan nan dai, ribar bashin gwamnatin Birtaniya ita ma ta yi tashin gwauron zabi, amma sai fam ya rikito har ya kai ƙasan da bai taɓa kaiwa ba a kan dala. Wanda ya kalli jadawalin ƙasashen biyu zai ga layuka masu kama da juna, dukansu suna hawa. Sai dai abin da suke faɗa ya sha bamban.

Gwamnati takan ci bashi ta hanyar sayar da takarda. Takardar alkawari ce: ka ba ta kuɗi yau, za ta riƙa biyan ka wani adadi duk shekara, in wa'adi ya cika ta mayar maka da uwar kuɗinka. A Najeriya Ofishin Kula da Basussuka ne ke fitar da irin waɗannan takardu, har da sukuk da aka fara fitarwa a 2017 domin masu gudun kuɗin ruwa. Wanda ya saya ba dole ne ya zauna jiran wa'adi ba. Yana iya sayar wa wani, kuma a wannan kasuwa ta hannu na biyu ne ake samun layin da ke kan jadawali.

Abu na farko da ke rikita sabon shiga shi ne, layin ba farashin takarda yake nunawa ba. Riba yake nunawa, wato kashi nawa cikin ɗari wanda ya sayi takardar a farashin yau zai samu a shekara idan ya riƙe ta zuwa ƙarshe. Farashi da riba kuwa kamar masu hawa lilo suke: in ɗaya ya yi sama, ɗaya ya yi ƙasa.

A ɗauki takardar naira 100,000 mai biyan naira 10,000 a shekara, wato kashi 10. Sai gwamnati ta fito da sabuwa mai biyan kashi 12.5. Wa zai sayi tsohuwar a kan naira 100,000 alhali ga sabuwa ta fi tsoka? Dole mai ita ya yi ragi. Idan saura shekara ɗaya wa'adinta ya cika, zai sayar a kan kimanin naira 97,800. Idan kuwa saura shekara goma, sai ya sauko zuwa wajen naira 86,200 kafin ya samu mai saye, domin wanda ya karɓa zai daɗe yana haƙuri da ƙaramin biya. Saboda haka duk lokacin da layin riba ya hau, waɗanda ke riƙe da tsofaffin takardu asara suka tafka, kuma mai dogon wa'adi ya fi jin jiki.

Jadawalin kansa ba shi da wuyar karatu. Ƙasansa kwanaki ne ko watanni, gefensa kuma kashi cikin ɗari. Wanda duniya ta fi sa wa ido shi ne na takardar Amurka mai wa'adin shekara goma, wanda a manhajoji da yawa ake samu da sunan US10Y. Lambobinsa ƙanana ne, shi ya sa ake raina motsinsa. Daga 4.00 zuwa 4.25 ba komai ba ne a ido, amma idan hakan ya faru a rana ɗaya, babban labari ne a kasuwa. 'Yan kasuwa sukan raba kashi ɗaya gida ɗari, abin da ake rubutawa bp a allo, don haka wancan motsi ɗigo 25 ne. Ya kamata kuma mai kallo ya fara buɗe jadawalin zuwa shekara ɗaya ko biyar kafin ya duba na mako, don na mako yakan mai da tudun tururuwa ya zama dutse.

Wanda ya buɗe na 2022 zai ga layin ya fara daga wajen kashi 1.5 a farkon shekara, ya haura kashi 4 a watan Oktoba. Dalilin a fili yake. Hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1 a watan Yuni, Babban Bankin ƙasar kuma ya ɗaga kuɗin ruwansa daga kusan sifili a watan Maris zuwa sama da kashi 4 a Disamba.

To me ya haɗa wannan da hannun jari? Hanya biyu ce. Ta farko gasa: idan takardar gwamnati, wadda ake ganin ba ta da haɗari sosai, tana ba da kashi 4, mai kuɗi ba zai yarda ya ɗauki kasadar kamfani a kan ƙaramar riba ba. Ta biyu lissafi ce. Darajar hannun jari ta dogara ne da ribar da ake sa ran kamfani zai samu nan gaba, kuma kuɗin gobe ba ɗaya yake da na yau ba. Dala 100 da za a karɓa bayan shekara goma, in ana auna ta da kashi 1.5, daidai take da dala 86 a yau. In ma'aunin ya koma kashi 4, sai ta zama kamar dala 68. Kamfanin bai sauya komai ba, amma darajar alkawarinsa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Wannan ya sa kamfanonin fasaha, waɗanda galibin ribarsu ana hango ta ne can nesa, suka fi kowa shan kashi. Ma'aunin S&P 500, mai bin manyan kamfanonin Amurka, ya faɗi da kimanin kashi 19 a 2022, shi kuwa Nasdaq, inda kamfanonin fasaha suka yi yawa, ya zube da kusan kashi 33.

Amma ba doka ba ce. A watanni ukun farko na 2021 layin nan ya tashi daga wajen 0.9 zuwa 1.7, hannun jari kuma bai fasa hawa ba, domin a lokacin farfaɗowar tattalin arziki bayan kullen korona ce ta ɗaga ribar, kuma ana sa ran cinikin kamfanoni zai ƙaru fiye da abin da lissafi ya rage.

A ɓangaren kuɗin ƙasashe, abin da ake dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin ribar ƙasa biyu. Japan ta ba da misali mai kyau a 2022. Yayin da ta Amurka ke hawa, Babban Bankin Japan ya danne ribar takardarsa ta shekara goma, bai bari ta wuce 0.25 ba har zuwa Disamba. Kuɗi kuwa inda ya fi samun kiwo yake nufa. Masu jari suka riƙa sayar da yen suna sayen dala, har dala ɗaya da ake canzawa a kan yen 115 a Janairu ta haura yen 150 a Oktoba. Idan aka ɗora jadawalin USDJPY a kan na US10Y na wannan shekara, kusan tare suke tafiya. Abin ya kai gwamnatin Japan ta shiga kasuwa ta sayi yen a watan Satumba, karon farko tun 1998.

Da a ce hawan riba kullum ƙarfafa kuɗin ƙasa yake yi, da fam ya yi sama a wannan watan. Ranar 23 ga Satumba, ministan kuɗi Kwasi Kwarteng, a gwamnatin Liz Truss, ya sanar da rage haraji na kimanin fam biliyan 45 ba tare da ya nuna inda za a cike giɓin ba. Masu riƙe da takardun Birtaniya suka shiga rige-rigen sayarwa. Farashi ya faɗi, riba ta yi sama, har ta takarda mai shekara 30 ta wuce kashi 5. Ranar 26 ga wata fam ya taɓa kimanin dala 1.035. Asusun fansho da dama da suka jingina da waɗannan takardu suka shiga matsi, suna sayarwa don biyan jingina, sayarwar kuma tana ƙara kayar da farashi. Sai da Bankin Ingila ya shigo ranar 28 ga wata da alkawarin sayen takardun kafin ƙura ta lafa. An sauke Kwarteng ranar 14 ga Oktoba, Truss kuma ta sanar da murabus ranar 20.

Ga bambancin. A Amurka riba ta hau ne don babban banki ya tsadar da kuɗi da gangan, masu jari kuma suka yi tururuwa zuwa can. A Birtaniya ta hau ne don masu ba da bashi sun tsorata, suna neman ƙari kafin su yarda su zauna. Jadawalin riba shi kaɗai ba zai nuna wanne ne ke faruwa ba. Sai an ajiye na canjin kuɗi a gefensa, a daidaita kwanakinsu. Riba sama, kuɗin ƙasa sama: jari ne ke shigowa. Riba sama, kuɗin ƙasa na zubewa, musamman idan takardu masu dogon wa'adi ne suka fi tashi kuma cikin 'yan kwanaki: gudu ake yi.

Akwai tambaya ɗaya da ta rage, wadda ta fi shafar mai ajiya a wannan yanki: ribar ta fi hauhawar farashi kuwa? Mazauna zango a Kumasi da Accra sun ga amsar da idonsu. A ƙarshen 2022 takardun gwamnatin Ghana masu gajeren wa'adi suna biyan sama da kashi 30, abin da a ido ya yi kama da garaɓasa. Amma hauhawar farashi ta kai kashi 54 a Disamba, sidi kuma da ake canzawa wajen 6 a kan dala a farkon shekara ya haura 13 a Nuwamba. Wanda ya zuba kuɗinsa don kwaɗayin wannan riba ya karɓi sidi mai yawa da bai iya sayen abin da uwar kuɗinsa ke saya a da ba. A farkon Disamba gwamnati ta buƙaci masu riƙe da takardunta na cikin gida masu dogon wa'adi su musanya su da sababbi masu ƙaramin biya, sannan ranar 19 ga watan ta dakatar da biyan galibin basussukanta na waje.