Ina Za A Ga Aikinka?

Mu ɗauki misalin wani mai ɗaukar hoto a Kano da ke son gidajen abinci su riƙa ba shi aiki. Ya tura saƙo ga manajoji ashirin, kowanne ya haɗa masa da hotuna goma sha biyar ta WhatsApp. Manajan da ya buɗe, abin da zai fara gani shi ne baƙon da bai sani ba yana cika masa waya. Wanda ma ya yaba, bayan wata biyu in buƙata ta taso, ina zai tono saƙon?

Maganin wannan shi ne mutum ya mallaki shafinsa na intanet, ya zama kowane saƙo gajere ne, layi uku ko huɗu, sai adireshi ɗaya a ƙasa. Na ce ya mallaka, domin shafin sada zumunta aro ne. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 an dakatar da Twitter a Najeriya, kuma wanda duk aikinsa yake can ya ga yadda ƙofar shagonsa ta rufe ba da saninsa ba.

Abu biyu ake buƙata: suna da masauki. Sunan shi ne adireshin, kamar `sunanka.com.ng`, wanda ake yi wa rajista shekara-shekara a wurin dillalan da hukumar NiRA ta amince da su. Masaukin kuwa inda shafin zai zauna ne, kuma akwai na kyauta irin GitHub Pages. Sunan ya fi muhimmanci, don ko ka sauya masauki gobe, saƙonnin da ka tura bara ba za su ɓata hanya ba.

Sai abin da za a zuba a ciki, kuma a nan mutane suka fi yin kuskure. Shafin farko zaure ne, ba ɗakin ajiya ba. Jimla ɗaya ta isa ta faɗi sana'arka da garinka: "Ina ɗaukar hoton abinci da shaguna a Kano." A ƙarƙashinta ayyuka uku zuwa biyar, waɗanda ka fi alfahari da su, kowanne da ɗan bayani: me aka nema, me ka yi, kwana nawa ya ɗauka. Bayanin nan shi ke raba gwani da wanda ya dace da hoto mai kyau sau ɗaya. Ni dai na fi yarda da mai aiki uku da bayani a kan mai hamsin ba ko kalma. Kuma a nemi izinin mai kaya kafin a baje aikinsa, balle hotunan biki da fuskokin iyalin mutane suke ciki.

Mai hotonmu yana yin biki, yana yin abinci. To kada ya tura manajan gidan abinci zaure ya bar shi yana lalube. Ya ware `sunanka.com.ng/abinci`, ya sa wannan a saƙon, ta yadda da an taɓa sai ga farantin dambun nama da masa, ba amarya ba. Masu biki su ma a ba su tasu ƙofar.

Yanzu nauyi. Hoton da waya ta ɗauka yakan kai megabait huɗu. Goma sha biyu sun zama 48 ke nan, a wayar mutumin da ke lissafin datarsa, wataƙila ma sabis na rawa. Ba zai jira ba. In aka rage faɗin kowane hoto zuwa fiksel 1200, aka matse shi ya koma kamar kilobait 200, duka shafin bai kai megabait uku ba, kuma a fuskar waya ido ba zai ga bambanci ba. Gwajin mai sauƙi ne: ari ƙaramar wayar wani, ka buɗe shafin da datar layi, ka ƙirga daƙiƙun.

Akwai kuma ɗan katin da ke fitowa idan an liƙa adireshi a WhatsApp, mai hoto da take. Shi ake fara gani tun kafin a buɗe shafin, kuma layuka irin waɗannan ne ke samar da shi:

```
<meta property="og:title" content="Hoton abinci da shaguna, Kano">
<meta property="og:image" content="https://sunanka.com.ng/fuska.jpg">
```

Ka fara tura wa kanka. In adireshin ya fito tsirara babu hoto, ko dai layukan ba su nan, ko hoton ya yi nauyi. Mutane kuwa suna tsoron taɓa tsiraran adireshi daga baƙuwar lamba, saboda 'yan damfara sun sa kowa ya koyi taka-tsantsan.

A ƙasan kowane shafi a sa hanyar tuntuɓa guda ɗaya bayyananniya. In ta WhatsApp ce, ana rubuta `wa.me/234` sai lambar ta biyo baya, ba tare da sifilin farko ba. Wannan sifilin kaɗai ya isa ya hana mai nemanka samunka. Ranar da rajistar sunan za ta ƙare kuma, a rubuta ta inda ido zai gani. In ta wuce ba a sabunta ba, shafin zai daina buɗewa, kuma bayan ɗan wa'adi wani yana iya saye sunan, duk saƙonnin da ka taɓa turawa su koma nuna ƙofar gidansa.