Kaya Cike da Shago, Kuɗin Dila Babu

Ranar Litinin da la'asar wani mai shagon kayan masarufi a Kano ya sa yaronsa ya ƙirga kaya. Yaron ya gama yana murmushi, ya ce: "Alhaji, kayan naira miliyan 2 ne a shagon nan."

"Madalla. Ranar Alhamis dilanmu na Kasuwar Singa zai aiko a karɓi 300,000. Nawa ne a aljihun tebur?"

"80,000. Amma ai ba damuwa, ga kaya."

"Dila ba ya karɓar kaya. Zo mu bi kanta, ka nuna mini abin da zai zama kuɗi kafin Alhamis."

Suka fara da ƙasa, inda sukari da taliya da sabulu da magi suke. Waɗannan kullum ana sayensu, ba mai tayawa, ba a rage ko sisi. Alhaji ya duba littafin ciniki, ya ce a kwana uku za su kawo kamar 150,000. An samu 230,000 ke nan, saura 70,000.

Yaron ya ɗauko littafin bashi, akwai 200,000 a wajen mutane. Alhaji ya girgiza kai. Yawancinsu ma'aikata ne, sai ƙarshen wata, ga shi watan bai ko raba ba.

Sai ya nuna can sama, kulolin abinci guda 40 da aka saro saboda Sallah, kowace a kan 10,000. "Shafa murfin waccan." Yatsan yaron ya fito da ƙura.

"Yaushe rabon da ka sayar da ɗaya?"

"An yi mako biyu, Alhaji. Amma ai sun fi sukari riba, 2,500 ce a kan kowace."

"In mai saye ya zo da ƙafarsa ba. In kuwa kai ka kai wa ɗan kasuwa, ya ga kana gaggawa, 7,000 zai taya. Guda nawa za mu karyar?"

Yaron ya yi lissafi, murya ta yi ƙasa. "Goma. Faɗuwar 30,000 ke nan."

Abin da masana harkar kuɗi ke aunawa ke nan idan suna duba lafiyar kasuwanci: saurin da kadara ke komawa tsabar kuɗi ba tare da an karya farashinta ba. Sharaɗi na biyun ne yaran shago suka fi mantawa, domin kusan komai yana sayuwa yau idan aka yarda da asara. Shi ya sa shago mai riba a littafi kan iya kasa biyan dila, idan rabin jari ya kwanta a kayan da suka yi kwantai. Ni a ganina, rubuta ranar da aka sayar da kowane kaya na ƙarshe ya fi ƙirga jimillar kanta amfani.

Alhaji bai karyar da goman ba. Ya kira dila tun daren nan, ya nemi a ɗaga masa 70,000 zuwa mako mai zuwa, kuma saboda bai taɓa saɓa alkawari ba aka amince. Washegari ya sa yaron ya sauko da kulolin, ya goge su, ya jera a bakin ƙofa, kowace a kan 11,000.