Tikiti biyu, farashi kusan ɗaya: sikelin awo ne ke raba gardama

Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin awon kaya a filin jirgin Jidda bayan Umra ya san yadda wurin yake. Ga Hajiya durƙushe gaban akwati a buɗe, tana kwashe dabino daga wannan jaka tana cusawa a waccan, ga Alhaji a kanta yana roƙon ma'aikaci ya yi masa sassauci. Yawancin wannan wahala tun a gida aka saye ta, ranar da ejan ya kawo farashi biyu aka zaɓi mai sauƙin ba tare da an tambayi kaya nawa kowanne ya yarda a ɗauka ba.

Kamfanonin jirage sun daɗe da raba kujerar talakawa gida-gida. A Emirates akwai Special, Saver, Flex da Flex Plus. Air France da KLM suna da Light da Standard da Flex, British Airways kuma tana da Basic, wanda jakar hannu kawai ya ƙunsa. Kujera ɗaya ce, abinci ɗaya, lokacin sauka ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne damar canza rana, mayar da kuɗi, da kuma kayan da za a zuba a cikin jirgi kyauta. Shafukan da ke jera farashi kuwa mafi araha suke sawa a sama, shi ne kuma yawanci mafi ƙarancin kaya.

A ɗauki misalin wata 'yar kasuwa da za ta tashi daga Kano zuwa Jidda ta dawo. Kuɗaɗen nan na kwatance ne kawai. An ba ta tikiti biyu, ɗaya dala 900, ɗaya dala 960. A jikin na farkon an rubuta 1PC, na biyun 2PC. Ma'anar wannan ita ce na farko akwati ɗaya ya ba ta, na biyu akwati biyu, kowanne kilo 23. Da tafiya ba ta da damuwa, akwati ɗaya ya ishe ta, har da sauran wuri. Amma ita da kanta ta san ba za ta dawo haka ba: akwai abayoyi na shago, dardumai, turare, da dabinon tsarabar dangi da maƙwabta. In kamfanin farko yana karɓar dala 150 kan ƙarin akwati, tikitinsa ya tashi 1,050, wato ya fi ɗayan tsada da dala 90. In kuma ta tafi da akwati biyu tun daga Kano, sau biyu za ta biya, domin kuɗin ƙarin kaya na kowace tafiya ne, zuwa daban, dawowa daban. Nan lissafin ya koma 1,200.

Da ɗalibi ne mai komawa makaranta da akwati ɗaya rak, tikitin dala 900 shi ne daidai, sittin ɗin nan ta zauna a aljihunsa. Shi ya sa kayan dawowa ake fara lissafawa kafin a dubi farashi, tunda matafiyinmu da wuya ya dawo da abin da ya tafi da shi kaɗai.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne yadda ake ƙirga kayan, don tsari biyu ne. Akwai na ƙidayar akwati, mai alamar PC. Akwai na nauyi, inda za a ga an rubuta 30K ko 25K, ma'ana jimillar kilo ke nan, ko a jaka ɗaya ko a raba ta uku. Mai riƙe da 2PC yakan ɗauka kilo 46 aka ba shi ya yi yadda ya ga dama. A'a. In ɗaya akwatin ya kai kilo 28, ɗayan kuma 15, jimilla 43 ce, ba ta kai 46 ba, amma duk da haka za a caje shi kuɗin wuce nauyi a kan na farkon, sai dai ya buɗe ya daidaita su a gaban jama'a. Mai 30K ba ya da wannan matsalar. Tasa daban ce: abin da ya haura talatin kilo-kilo ake sayar masa, kuma a tafiya mai nisa kilo goma na ƙari na iya fin kuɗin akwati guda cur a ɗaya tsarin. Mai kaya masu nauyi da yawa 2PC ya fi masa. Mai ƙananan ƙunshi barkatai da ba su kai talatin ba, tsarin nauyi ya fi masa sauƙi.

Akwai iyaka biyu da kusan kowane kamfani ke bi. Akwati ɗaya ba ya wuce kilo 32 ko nawa mutum zai biya, saboda lafiyar ma'aikatan da ke ɗagawa. A tsarin ƙidaya kuma, in aka haɗa tsawo da faɗi da kauri, kada su wuce santimita 158. Siffar jakar ma abin dubawa ce: a ƙarshen 2023 Ethiopian Airlines ta sanar a Najeriya cewa ta daina karɓar jakar nan da ake kira Ghana Must Go sai an sa ta cikin kwali ko mazubi mai tauri, saboda tana maƙalewa a injinan da ke jan kaya. Ruwan Zamzam, galan mai lita 5 da ake sayarwa a rufe a filin jirgi, shi ma a tambaya ko a kan kyauta yake ko cikin lissafin kaya.

Sai tarkon tikiti biyu. Wani farashin yana sauka ne don ejan ya haɗa tafiyar da kansa: babban jirgi zuwa Abuja ko Legas, sannan jirgin cikin gida zuwa Kano ko Sakkwato a tikiti daban. Fasinja ya sauka da kilo 46 ɗinsa lafiya lau, ya karɓi kayansa, ya je kantar jirgin gida, a ce masa abin da tikitinsa ya ɗauka bai kai haka ba, sauran sai ya biya kan kowane kilo. Da tikitin guda ne tun daga farko har ƙarshe, ƙa'idar kaya ɗaya ce za ta bi shi. Tun 2011 ƙungiyar kamfanonin jirage ta duniya, IATA, ta tsara cewa a irin wannan tafiya dokar kamfanin da ya ɗauki mafi muhimmancin zango ake bi, ban da tafiye-tafiyen Amurka da Kanada da ke da nasu tsarin.

Duba wannan duka ba ya cin minti goma. Kafin a biya, a nemi ejan ya turo takardar tafiyar, a nemi layin da aka rubuta Baggage ko BAG, a karanta shi a kan kowane zango, na zuwa da na dawowa, domin ba lallai su zama ɗaya ba. Inda aka ga 0PC ko NIL, babu akwati ko ɗaya a cikin kuɗin. Maganar baki ta "ai suna ba da jaka biyu" ba ta aiki a kanta. Abin da ke rubuce a tikiti ma'aikaci zai duba. Daga nan a shiga shafin kamfanin a ga kuɗin ƙarin akwati a wannan hanya takamaimai, tunda farashin yana canzawa daga hanya zuwa hanya, a haɗa shi da kuɗin tikitin, sannan a gwada da ɗayan.

Wanda ya riga ya sayi mai arahar kuma ya ga kaya sun fi ƙarfinsa, yana da sauran dama. Yawancin kamfanoni suna sayar da ƙarin kaya a shafinsu, a sashen Manage Booking, da rahusa a kan farashin kanta, amma sukan rufe wannan ƙofar sa'o'i kaɗan kafin tashi. Ƙaramin sikelin rataya da ake samu a kasuwa zai nuna masa tun a masauki ko akwati guda zai saya ko kuwa rage kilo uku kawai ya kamata ya yi.