Cire Hannun da Ya Kutso Gefen Hoto da Sake Gina Abin da Ya Rufe

Hannun da ya leƙo daga gefen hoto, babu fuskar mai shi, yana cikin abubuwan da aka fi kawo wa masu gyaran hoto, musamman daga hotunan biki da suna da walima, inda cunkoso ba ya barin mai ɗaukar hoto ya keɓe mutum ɗaya. Jama'a kan ce a goge hannun, amma a kwamfuta gogewar ba ta fi minti ɗaya ba. Kyamara ba ta ga abin da ke bayan hannun ba, don haka babu wata riga ko tebur da ke kwance a ƙarƙashinsa suna jiran a buɗe su. Duk abin da hannun ya rufe sai an gina shi sabo, kuma da kayan da aka ɗebo daga cikin hoton, ko daga wani hoton da aka ɗauka a wuri ɗaya.

Misalin da za a bi shi ne hoton wata dattijuwa a wurin walima, tana zaune a bakin tebur da aka shimfiɗa wa farin ƙyalle, sanye da atamfa mai manyan furanni. Daga gefen dama hannun wani ya shigo, damtsen ya rufe rabin hannun rigarta, yatsun sun sauka a bakin teburin. Faɗin hoton fiksel 6000 ne, tsayinsa 4000, hannun kuma ya ci kusan fiksel 900 daga gefe.

Kafin a taɓa burushi, ana fara duba hanyoyi biyu masu sauƙi. Ta farko ita ce datse gefen. Idan za a wanke hoton a girman inci 8 da inci 10, a kan fiksel 300 a kowane inci, abin da ake buƙata 2400 ne da 3000, saboda haka akwai rarar da za a iya zubarwa. Sai dai a wannan hoton datse 900 ɗin duka zai tafi da kafaɗar dattijuwar. Abin da ya dace shi ne a datse kamar 400, a rage aikin, a gyara sauran. Hanya ta biyu ita ce a nemi hotunan da aka ɗauka kafin wannan da bayansa. Masu ɗaukar hoton biki ba safai suke latsawa sau ɗaya ba, kuma sau da yawa a hoto na gaba hannun ya janye ko ya matsa. Yankin rigar da aka ɗebo daga can shi ne ainihin rigar, a hasken ɗakin, kuma babu wata dabara da ta kai shi kyau.

Idan hoton ɗaya ne tak, sai aikin hannu. A manhajar Photoshop ana barin asalin hoton yadda yake, a buɗe sabon `Layer` marar komai a samansa, wato shafi mai kama da gilashi wanda duk gyaran zai zauna a kai. A saman allo ana saita `Sample` zuwa `Current & Below`, don burushin ya ɗebo daga hoton ƙasa ya zuba a shafin sama. Da haka kuskure ba ya ɓata asali.

Daga nan sai a tantance iyakar abin da za a cire, kuma kullum ya fi hannun faɗi. Hannu yana da inuwa, a nan ta kwanta a kan farin ƙyallen tana nuna siffar yatsu. Inda damtse ya danne riga, yadin ya lotsa, ƙananan tattara sun bazu daga wurin. In da teburin na gilashi ne ko mai sheƙi, da an ga hoton hannun a cikinsa, kuma jar riga kan zuba ɗan ja-ja a kan farin ƙyallen da ke kusa da ita. Mafi yawan gyaran da ake ganewa da kallo ɗaya, inuwar da aka manta ce take tona shi: hannu ya tafi, inuwarsa na nan. Don haka zaɓen da ake yi da `Lasso Tool` ya kamata ya haɗa da duk waɗannan, a ƙara masa fiksel 5 zuwa 10 ta `Select > Modify > Expand`, don kada siririn layin fata ya saura a gefe.

Tun 2010 Photoshop ke da `Content-Aware Fill`, wanda ke duba kewaye ya cike gurbi da kansa. Yana aiki sosai a bango ko a labule marar ado. A nan kuwa gurbin ya ratsa abubuwa uku, atamfa da bango da tebur, kuma idan aka ba shi duka a lokaci ɗaya sai ya cakuɗa su, furen atamfa ya fito a kan tebur, bakin teburin ya karye. Amfaninsa shi ne a ba shi yanki ɗaya, a kuma goge koren launin da ke nuna inda zai ɗebo daga kan duk abin da ba a so, kamar fuska da kwanon abinci.

Tsarin da ya fi ba da sakamako shi ne a fara da layuka, a bar cikewa daga baya. Ido yana yafe ɗan bambancin launi a tsakiyar ƙyalle, amma ba ya yafe bakin tebur da ya gauce ko da fiksel kaɗan ne. Ana ɗaukar `Clone Stamp Tool`, a danne `Alt` a latsa daidai kan layin bakin teburin inda yake lafiya, sannan a kai burushin wurin da layin ya yanke, a daidaita shi da samfurin da ke bayyana a cikin da'irar burushin. A latsa sau ɗaya, a danne `Shift` a latsa a ƙarshen gurbin, sai layin ya miƙe. Idan an ɗauki teburin a karkace, har yana tsukewa yayin da yake nisa, kwafi kai tsaye zai kawo zaren katako ko adon ƙyalle da girman da bai dace ba. `Filter > Vanishing Point` na magance wannan: ana nuna masa kusurwoyi huɗu na saman teburin, sai abin da aka kwafa ya riƙa ƙanƙancewa ko girma bisa nisan wurin. Manhajar GIMP, wadda kyauta ce, tana da irinsa mai suna `Perspective Clone`.

Gefen hannun rigar ya fi wuya, domin ba miƙaƙƙe ba ne, kuma babu wanda ya gan shi. Ana duba inda layin ya ɓace a saman damtsen da inda ya sake fitowa a ƙasa, a haɗa su da `Pen Tool` bisa yadda yadi ke sauka daga kafaɗa, ana kallon ɗayan hannun rigar don a gane faɗin ɗinkin. Wannan layin shi ne shinge. A waje da shi za a zuba bango, a cikinsa atamfa. Ana sassauta kaifinsa da `Feather` na fiksel 1 ko 2, gwargwadon taushin sauran gefunan rigar, domin gefen da ya fi na maƙwabtansa kaifi yana fitowa kamar an yanko shi da almakashi.

A cikin shingen ake aikin da ya fi cin lokaci. Adon atamfa maimaituwa yake yi, don haka furen da hannun ya rufe rabinsa yana da ɗan'uwa cikakke a wani wuri, a ƙirji ko a zani. Kamar yadda tela ke neman ƙyallen da furensa ya hau daidai kafin ya yi faci, haka ake zaɓo yankin da ya ɗan fi gurbin girma, a kwafe shi da `Ctrl+J`, a ja shi kan gurbin. Ana rage `Opacity` zuwa 50% don a ga ƙasa, sannan da `Ctrl+T` a juya shi har ganyen furen ya haɗu da rabin da ya saura. Yadi a jikin mutum ba a shimfiɗe yake ba, yana zagaye damtse, saboda haka ana lanƙwasa facin da `Warp` ya bi jiki. Da ya zauna sai a mayar da `Opacity`, a sa `Layer Mask`, a ci gefunansa da burushi mai taushi, kuma an fi so mahaɗar ta faɗa cikin ninkin yadi ko kan layin ɗinki, inda ido ya riga ya saba ganin canji.

Akwai gajeriyar hanya da ake yawan bi, wato a kwafo ɗayan hannun rigar a juya shi da `Flip Horizontal`. Tana ba da siffa mai kyau, amma tana juya haske. Idan taga tana hagu, hannun da aka juyo zai zo da haskensa a dama, ga kuma adon ya koma kamar a madubi. A shadda abin ya fi muni, domin sheƙinta ya dogara da inda haske ya fito. Wannan hanya ta fi dacewa da samo siffar gefe kawai, a nemo yadin daga wani wuri.

Faci da wuya ya zo da hasken da ya dace, tun da ƙirji ya fi gefen hannu fuskantar fitila. Ana ɗora `Curves` a kansa, a ɗaure shi da facin kaɗai ta `Ctrl+Alt+G`, a rage ko a ƙara har ya saje. Bayan haka ana mayar da inuwar da ya kamata ta kasance, kamar wadda hannun dattijuwar kanta ke jefawa a kan tebur, da burushi mai taushi a sabon shafi da aka sa wa `Multiply`, da ƙarfi 5% zuwa 10%, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. `Healing Brush Tool` yana taimakawa wajen ɓoye mahaɗa a tsakiyar farin ƙyalle, amma kusa da gefen abu mai duhu yakan jawo duhun ya bar dabbare, sai an killace wurin da zaɓe tukuna.

Saura ɗige-ɗigen hoto. Hoton da aka ɗauka a zaure mai ƙarancin haske yana da tsaki-tsaki a ko'ina, kuma yawan shafa da burushi mai taushi yana kashe shi, wurin ya yi sumul fiye da kewayensa. `Filter > Noise > Add Noise` na 1% zuwa 2%, da alamar `Monochromatic`, yakan isa.

Ana duba aikin a girman 100%, sannan a ƙanƙanta shi kamar yadda zai fito a waya, domin a ƙaramin girma ne maimaituwa ke bayyana: tabo ɗaya sau uku a jere, ko ninki biyu masu kama ɗaya sak. Kunna shafin gyaran da kashe shi yana nuna ko an taɓa abin da bai kamata ba, juya hoton gaba ɗaya kuma yana sa ido ya ga karkatar da ya riga ya saba da ita. Ana ajiye kwafi a `PSD` da shafukansa, a fitar da `JPEG` daban don wankewa.

Aikin yana da iyaka. Idan hannun ya rufe abin da ba shi da na biyu a hoton, kamar aikin wuyan babbar riga, ko lallen amarya, ko rubutun kan kek, abin da za a zuba ƙirƙira ce, kuma ya kamata mai hoton ya sani kafin a wanke. A irin wannan hali datsewa ko barin hannun ya fi. Hotunan labarai kuwa ba a yi musu wannan gyara ko kaɗan. A farkon 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya raba gari da mai ɗaukar hoto Narciso Contreras, bayan an gano ya cire kyamarar bidiyon abokin aikinsa daga kusurwar wani hoto da ya ɗauka a Siriya a 2013. Ƙa'idar gidajen labarai ta yarda a datse gefen hoto, amma ba ta yarda a cire wani abu daga cikinsa a cike gurbin ba.